Bayanin Kuɗin Wata na Ƙungiyar Manoman Ƙauyenmu

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka.

Ga bayanin kuɗin watan jiya. Cikin mu 40, mutum 36 ne suka biya ₦1,000, an tara ₦36,000.

Gyaran famfon tuƙa-tuƙa na bakin masallaci ya ci ₦19,000: kayan gyara ₦14,000, mai gyara ₦5,000. Ya fi yadda muka ƙiyasta, domin da aka zaro bututun sai aka tarar guda biyu sun yi tsatsa sun huje, dole aka sauya su. Mun kai wa ɗan uwanmu da ke kwance asibiti a Dutse ₦10,000, Allah ya ba shi lafiya. Kuɗin mota ₦3,000.

Saura ₦4,000 a hannuna.

Ku huɗun da ba ku biya ba, don Allah ku kawo kafin taron Juma'a bayan La'asar. Zan zo da rasit, kowa ya duba.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Ma'ajinku.