Zuwa ga abokan cinikinmu: naman zomo zai yi ƙaranci a Agusta da Satumba

Assalamu alaikum.

Masu gidajen abinci da iyayenmu mata da ke karɓar zomo a hannunmu nan Garwa, gara ku ji daga bakinmu tun yanzu: mun dakatar da barbara daga farkon Maris har ruwa ya sauka.

Ga lissafin. Zomanya tana ɗaukar ciki kwana 31, muna yaye 'ya'yan a mako shida, sai sun kai wajen wata huɗu muke yankawa. Ke nan wanda ba a yi cikinsa a Maris da Afrilu ba, shi ne ba za ku samu a Agusta da Satumba ba.

Zafi ne dalili. Zomo ba ya gumi kamar mu, ta kunnuwa da haki yake fitar da zafi. Da ma'auni ya haura 30 yake fara wahala, bazarar Garwa kuwa kun san tana wuce 40. Bara muka yi taurin kai, muka kai mata goma wurin namiji a Afrilu. Da muka lalubi cikinsu bayan mako biyu, uku kaɗai suka ɗauka. Ɗaya ta mutu ana saura kwana biyu ta haihu: ta miƙe a keji tana haki, hanci ya jiƙe, ta daina taɓa dusa. Sauran biyun sun haihu, amma nono bai wadata ba. Namijin ma zafi yana lalata masa iri, kuma ko iska ta yi sanyi sai ya ɗauki makonni kafin ya dawo daidai.

Wannan kejin a ƙarƙashin kwano yake, laifinmu ne. Yanzu mun mayar da iyayen inuwar darbejiya, rufin zana, kowace da kejinta, an ɗaga shi daga ƙasa yadda iska za ta ratsa. Da azahar muna rataya jiƙaƙƙun buhuna a gefen da iska ke shigowa.

Ku da kuka sayi matan kiwo a wurinmu, don Allah ku ma ku jira damina. In lokaci ya yi, macen ake kaiwa ɗakin namiji da sassafe; in aka kawo shi nata, faɗa za ta yi masa. A rubuta ranar. A kwana na 28 a sa mata akwatin haihuwa da busasshiyar ciyawa, ita za ta tuge gashinta ta shimfiɗa. Kada ruwa ya yanke mata ranar haihuwa, ƙishirwa tana cikin abin da ke sa uwa ta cinye 'ya'yanta.

Wanda yake da biki ko suna a watannin nan biyu ya faɗa mana kafin ƙarshen Mayu, mu ware masa daga haihuwar Fabrairu.

Mun gode, Allah ya bar zumunci.

Masu gonar zomaye, Garwa