Ku dawo ku gyara maganar "sun" da "suka"

Malam Edita, assalamu alaikum.

Raina ya ɓaci da amsar da baƙonku ya ba yarinyar nan da ta bugo waya a filin Hausa na ranar Asabar a gidan rediyonku. Tambaya ta yi mai kyau, irin wadda malami ke jin daɗin samu: mene ne bambancin "sun zo" da "suka zo", kuma wanne za ta sa a rubutunta? Sai ya ce mata wai "sun" na abin da bai daɗe da faruwa ba ne, "suka" kuma na abin da ya daɗe da wucewa. Mai gabatarwa ya ce madalla, aka wuce. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ba ƙaramin aiki kuka ja mana ba, mu da muke tsayuwa gaban allo.

Ni malamin Hausa ne a makarantar sakandare. Ranar Litinin na ba 'yan ajina insha'i a kan bikin sallar da ta wuce, sai ga rubutu iri-iri da ban saba gani ba. Wani yaro ya buɗe da "Mahaifana suka saya mini sabon yadi," haka kawai, babu abin da ya gabace shi. Na tambaye shi dalili, ya ce ai sallar ta daɗe da wucewa, kuma a rediyo aka faɗa. Yaron nan ko a mafarki ba zai buɗe wa abokinsa hira da wannan jimla ba. Bakinsa ya san daidai, maganar da ya ji a gidanku ce ta sa hannunsa ya rubuta kuskure.

A gwada maganar baƙon naku mana. Muna cewa "Turawa sun ci Kano a 1903." Shekara fiye da 120 ke nan, ga shi da "sun", kuma babu Bahaushen da zai ce an yi kuskure. Mutum kuma ya zo neman 'yan gida, a ce masa "Ai yanzun nan suka fita," alhali ko kwanar layi ba su sha ba. To ina nisa, ina kusa? Littattafan nahawu na makaranta suna kiransu shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da shuɗaɗɗen lokaci na biyu, amma ɗaya da biyun nan lamba ce ta rarrabewa kawai, ba ma'aunin daɗewa ba ce.

Abin da nake koya wa yara shi ne, "sun" da 'yan uwansa, wato "mun", "kun", "kin" da "an", suna sanar da cewa abu ya riga ya kammala, ga halin da ake ciki. "Baƙi sun iso." "An ɗauke wuta." Jimla ce mai tsayuwa da ƙafarta, kana iya shigowa ɗaki ka faɗe ta ka yi shiru. Shi ya sa ma take aiki a inda babu abin da ya wuce: "mun gaji", "sun san shi", "mun yarda", duk halin yanzu ne. Har gaba tana zuwa, don ana cewa "Kafin ka dawo gobe sun gama." Shi kuwa "suka" da "muka", "kuka", "kika", "aka", ba ya tsayuwa shi kaɗai. Kullum yana rataye da wani abu, ko dai abin da ya faru kafinsa a cikin labari, ko wata kalma da aka fito da ita gaba aka ƙarfafa. Idan na shigo na ce maka "Baƙi suka iso" na tsaya, za ka zuba mini ido kana jiran sauran.

Bari in ɗauki irin labarin da kuke karantawa kullum. A ce gobara ce a kasuwa. Kanun labari zai ce: "'Yan kwana-kwana sun kashe gobarar kasuwa." Daidai ne, sanarwa ce, ga abin da ake ciki. Da an shiga bayanin yadda abin ya faru, sai a sauya: "Da misalin ƙarfe 2 na dare ne masu gadi suka hango hayaƙi, suka buga waya. Da 'yan kwana-kwana suka iso, suka tarar 'yan kasuwa sun fara kwashe kayansu. Suka ja tiyo, suka yi ta fama har asuba." Kowane "suka" a nan taki ɗaya ne a gaba: hangowa, sannan bugawa, sannan isowa, sannan jan tiyo. Ba za ka iya sauya musu wuri ba tare da ka ɓata labarin ba.

Yanzu a dubi "sun fara" ɗin nan da ya shigo tsakiya. Me ya kawo shi? Ya zo ne don kwashe kayan ba ya cikin jerin, an riga an fara shi kafin motar ta iso. Wato a cikin jimlar nan abin da aka faɗa da "sun" shi ne ya riga faruwa, wanda aka faɗa da "suka" shi ne na baya-baya. Kishiyar abin da baƙonku ya faɗa ke nan, ƙiri-ƙiri. Idan kuwa aka rubuta "'yan kwana-kwana suka iso, 'yan kasuwa suka fara kwashe kayansu," labarin ya zama wani dabam: mutanen sun tsaya jira ke nan, sai da motar ta zo sannan suka taɓa kayan. Wanda ya yi asarar shago ya san waɗannan labarai biyu ba ɗaya ba ne.

Kuma wannan cuta tana cikin labaranku na ƙarfe 7, ba tun yau ba. Sau da yawa nakan ji an jero "sun isa garin, sun gana da sarki, sun duba asibiti, sun koma" daga farkon rahoto har ƙarshensa. Idan lissafin ayyukan da aka kammala ake yi, babu laifi, kamar yadda uwar gida za ta ce "Yara sun ci abinci, sun yi wanka, sun kwanta." Amma idan labarin tafiya ake bayarwa daki-daki, kunnen Bahaushe "suka" yake jira. Mai sauraro ya kasa gane wanne ya riga wanne, ya ji kamar takardar lissafi ake karanta masa. Ku saurari yadda tsohuwa ke tatsuniya, ko yadda direba ke ba da labarin hatsarin da ya gani a hanya. Ba wanda ya koya musu nahawu, amma ba za ka ji sun ɓata wannan ba.

Akwai kuma wuraren da babu zaɓi sam, kuma su ya kamata a fara ba yarinyar nan. Bayan kalmar tambaya "suka" ne: "Su wa suka zo?", "Yaushe kuka dawo?", "Ina aka kai shi?" Haka bayan "da" mai bayyana suna: "mutanen da suka zo", "kuɗin da aka tara". Haka idan an fito da abu gaba an ƙarfafa shi. "Sun zo jiya" labari ne kawai, amma "Jiya suka zo" amsa ce ga mai gardama ko mai tambayar rana, ma'ana jiya ce, ba shekaranjiya ba. Maganar Kano ma idan shekarar ake nufi, sai a ce "A 1903 ne Turawa suka ci Kano." Abu ɗaya ne, shekara ɗaya ce, abin da mai magana yake son a lura da shi ne ya sauya.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne bayan "sai", saboda a nan ma'ana juyewa take yi gaba ɗaya. "Sai suka biya" yana nufin an biya, an gama. "Sai sun biya" yana nufin ba a biya ba tukuna, sharaɗi ne aka gindaya. Yaron da ya ɗauka bambancinsu na daɗewa ne, gobe shi ne zai zama akawu ko magatakardan kotu, ya rubuta ɗaya a madadin ɗaya a takardar bashi. Haka "har sun tafi", wato tuni, da "har suka tafi", wato ana cikin wani abu har lokacin tafiyarsu ya yi.

Na san inda ruɗanin yake fitowa, kuma da baƙon ya faɗe shi da ya taimaki yara. A rubutun boko ba ma nuna tsawon wasali, don haka "na", "ka", "ya" da "ta" na lokutan biyu kamarsu ɗaya a takarda. A baki kuwa ba ɗaya ba ne. A "Audu ya zo" ana jan "ya" ɗin, a "Audu ne ya zo" gajere ne. Mai magana yana rarrabewa ba tare da ya sani ba, mai karatu kuma dole ya gane daga jimlar. Dabarar da nake ba 'yan ajina ita ce su mai da mutum ɗaya jam'i: a sa "Audu da Bala" a wurin "Audu", a ji wanne baki zai kawo, "sun" ko "suka". Wanda ya fito shi ne lokacin jimlar. Masu karanta labaranku ma su riƙa yin haka kafin su shiga situdiyo, don nakan ji ana jan "ya" a inda gajere ne. Mu nan Zamfara da Sakkwato abin ya fi fitowa fili, tunda "sunka", "munka" da "anka" muke cewa, a mutum ɗaya kuma mu ce "shi yaz zo", "ita tat tafi". A korewa ne kawai duka biyun suke haɗewa, "ba su zo ba" ke nan ko ta wace hanya aka bi.

Ina roƙo a kira baƙon nan, ko wani malamin, ya zo ya warware maganar a filin da aka yi ta, a lokacin da aka yi ta, don waɗanda suka ji kuskuren su ji gyaran. Yarinyar ta ce jarrabawar Hausa za ta rubuta bana, a neme ta ta lambar da ta bugo da ita.

Sannan don Allah a rage tallan maganin basir da ake katse shirin da shi. Filin rabin awa ne, a shiga talla har sau uku, wani lokaci mai magana bai ƙarasa jimla ba. Ga shi tun da aka matsar da shirin kusa da magariba, rabin ƙarshe yana wuce mu muna masallaci. A mai da shi bayan isha'i kamar da.

Naku mai sauraro,
Wani malamin Hausa, daga Gusau