A koya wa ɗalibai bin diddigin labari kamar isnadi

Assalamu alaikum, Edita.

Ni malamin sakandare ne, kuma na daɗe ina jin ana cewa a wayar wa yara kai kan labaran ƙarya. Na gwada wa'azin, bai yi ba. Abin da ya yi mini aiki darasi ne na minti 40, babu waya a ciki, tunda yawancin makarantunmu sun hana shigowa da ita.

Nakan raba aji rukuni-rukuni, mutum shida ko bakwai, in ba kowane rukuni takardu uku. Tambayoyi uku ne kawai a kan allo: wa ya fara faɗa, yaushe, kuma wane ne ya tabbatar ba tare da ya kwafa daga na farko ba? Yaran sun riga sun san wannan daga Islamiyya. Da na ce musu "ku kawo mini isnadin labarin", nan take suka gane.

Takarda ta farko saƙon gishirin nan ne na watan Agustan 2014, lokacin da Ebola ta shigo Legas. An yi ta buga wa mutane waya da tsakar dare cewa su yi wanka da ruwan gishiri, su kuma sha. Mutane sun kwanta a asibiti, wasu sun rasu. Nakan ce kowa ya tambayo a gida tun ana gobe darasin: wa ya gaya muku? Wata ta ce mamarta daga ƙanwarta ta ji, ƙanwar daga maƙwabciya, maƙwabciyar kuma daga "wani likita". Wane likita, a wane asibiti? Shiru. Muka zana sarƙar a allo, kowace ta tsinke a kan "wai". Wani yaro ya ce, "Malam, ai wannan ko da'ifi bai kai ba."

Ta biyu ita ce tarkon, kuma ita na fi so. A watan Fabrairun 2018 jaridu suka ɗauko cewa maciji ya haɗiye naira miliyan 36 a ofishin JAMB na Makurɗi. Kusan kowane rukuni dariya suke yi su rubuta "ƙarya". Sai in ce su sake karantawa, su ja layi a ƙarƙashin wanda ya yi maganar. A nan suke ganin cewa jaridar ba ta ce maciji ya ci kuɗi ba. Cewa ta yi wata ma'aikaciya ta faɗa wa masu bincike haka. Labarin gaskiya ne, abin da matar ta faɗa ne abin tuhuma. Bambancin "an ce ya faru" da "ya faru" kan cinye mana rabin darasin, ban kuma taɓa jin asarar lokacin ba. Na sa wannan takarda ne don shekarar farko na yi kuskure: ƙarya zalla na kawo musu, sai yaran suka koma komai ka ce, su ce bogi ne, har sanarwar ranar jarrabawa. Wanda ya ƙi yarda da komai bai fi mai haɗiye komai ba, dukansu ba su bincika ba.

Ta uku gajera ce. Labari ɗaya nake kwafowa daga shafuka uku, in tambaya majiya nawa ce. "Uku!" Sai in ce su gwada jimla da jimla. Idan suka tarar kalmomin iri ɗaya ne, har da kuskuren rubutu a wuri ɗaya, sun gane mutum guda ne ya rubuta, biyu suka kwafa.

Darasin yana da iyaka. Takarda ba ta kama tsohon hoto da aka liƙa wa sabon rikici. Wannan sai in ɗaga wayata in nuna musu Google Lens, su ga inda hoton ya taɓa fitowa a baya, amma ajin mutum saba'in da waya ɗaya, na gaba kaɗai ke gani. Saƙon murya kuwa ya fi komai wuya, don ba shi da kwanan wata, ba shi da suna, ga shi a cikin harshenmu, da muryar da ta yi kama da ta kawunka.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku ware ɗan gurbi ko sau ɗaya a mako, ku ɗauki labari guda ku nuna wa kuka kira, me ya ce, wace takarda kuka gani da ido. Shafukan tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check suna irin wannan aiki, amma ɗalibaina na buƙatarsa a takardar Hausa da zan yanka in raba wa rukuni goma.

Naku,
Wani malamin sakandare, Zariya