Wasiƙar godiya ga ofishin fassarar da ya gyara mana bayanin kayan shagonmu

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan ofishin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in gode muku a bainar jama'a bisa aikin da kuka yi wa shagonmu na intanet, inda muke sayar da shadda da atamfa daga Babbar Kasuwar Sakkwato. Na kawo muku aikin ina zaton za ku mayar da Turanci Hausa ne kawai, sai ga malamin da kuka ba aikin ya tako har rumfarmu da tef ɗin awo a aljihu, yana cewa ba zai rubuta tsawon abin da bai auna da hannunsa ba.

Abin da ya gano a ranar shi ne ya fi tsaya mini a rai. Shaddar da muke sarowa da mita ake auna ta, mu kuwa da masu sayenmu da telolinsu da yadi muka saba. Yaron shagona, da ya ga mita 10 a takardar dila, sai ya rubuta yadi 10, alhali yadi santimita 91.44 ne, mita kuwa santimita 100. Ke nan mita 10 ya kusa yadi 11, kuma mun daɗe muna ba da kusan yadi guda ba tare da mun faɗa wa kowa ba. Kuskuren ya bi har cikin farashi, domin naira 12,000 da muka sa a kan yadi kuɗin mita ne, kuɗin yadin na gaskiya bai kai naira 11,000 ba. Duk wanda ya gwada farashinmu da na maƙwabta sai ya ga mun fi tsada, ya wuce ba tare da ya tanka ba. Yanzu bayanin ya fara da yadi, sannan mita ya biyo baya, faɗin ƙyallen kuma, wanda a da aka rubuta santimita 160, an ƙara masa inci 63, tunda da inci tela yake yanka. An kuma ƙara jimla ɗaya da ke cewa yadi goma na irin wannan faɗin ya kan isa babbar riga da 'yar ciki da wando, amma mai saye ya tuntuɓi telansa tukuna.

A atamfa gyaran bai yi yawa ba. An rubuta turmi ɗaya, yadi shida, wato zane uku, wanda shi ne lissafin da mata suka sani.

Batun kuɗi kuma ya nuna cewa kun san ƙasar da muke kasuwanci a cikinta. Muna da masu saye daga Illela da Birnin Ƙonni, kuma na so a sa kalmar jaka a farashi domin a ji mu kusa da mutane. Kuka hana ni, kuka tuna mini cewa jaka a bakin ɗan Najeriya naira 200 ce, a bakin ɗan Nijar kuwa sefa 1,000 ce, don haka kalma ɗaya za ta zama farashi biyu. Kuka rubuta kowane farashi da alamar ₦ da lambobi, sannan da kalmomi, kuka ware kuɗin kai kaya tasha daban. Kun kuma ba da shawarar kada a kafe farashin sefa a shafin, saboda canji na motsawa, gara mai saye ya tambaya a gaya masa na ranar. Da farko na ga kamar hakan zai kore su, amma na gwammace tambayar da gardamar da ke biyo bayan biya.

Sai lafazin magana. Maɓallin da ke cewa "Buy now" mun fassara shi da "Saya yanzu", wanda a kunnen dattijo ko uwar gida umarni ne daga yaron da bai ko gaishe su ba. Kuka mayar da shi "Ku zaɓi naku", kuka riƙe "ku" na girmamawa a dukkan bayanin, wanda ya dace da mace da namiji baki ɗaya. Kuka cire kirarin cewa kayanmu sun fi na kowa a duniya, kuka sa abin da mai saye ke tambaya a rumfa: ko yana zuba, ko yana shiga bayan wanki, ko launin ruwan toka ne ko ruwan madara.

Makon jiya wata Hajiya daga Tambuwal ta kira, ba ta tambayi tsawo ko faɗi ba, motar da za a saka mata kayan kawai ta tambaya. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa ofishinku albarka. Bayanin leshi da mayafai na nan tafe gare ku bayan salla, in Allah ya yarda.

Naku,
Mai shagon shadda da atamfa,
Babbar Kasuwar Sakkwato