Wasiƙa ga Iyaye: Batun Siniyoyi da Ƙannensu a Ɗakunan Kwana

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon ɗalibanmu.

Wasiƙar wannan zangon a kan magana ɗaya take, kuma magana ce da ta hana ni barci.

Makonni uku da suka wuce, malamin lissafi ya kawo mini wani yaro ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare, wai kullum gyangyaɗi yake yi tun darasin farko. Da na ce ya buɗe hannunsa, sai na ga tafin duk kanta, wani wurin ya fashe. Da ƙyar ya yi magana. Ashe tun ƙarfe huɗu na asuba ake tashinsa ya cika wa 'yan aji shida bokiti biyar kafin ya ɗebi nasa na wanka. Ran Asabar ya wanke musu yunifom da sabulun da mahaifiyarsa ta saka masa a akwati. Ranar da ya makara, aka sa shi tsallen kwaɗo, sannan ya kwana a ƙarƙashin gado. Shekararsa goma sha ɗaya.

Da na kira manyan, amsarsu ɗaya ce: "Malam, mu ma haka aka yi mana." Gaskiya suka faɗa, kuma laifin namu ne da muka bari abin ya zama gado. Mun bar ɗakunan kwana babu babba daga kashe fitila zuwa sallar asuba, mun kuma ɗora wa firifet, yaro ɗan shekara goma sha bakwai, aikin da malami ya kamata ya yi.

Ga iyakar da muka shata. Shara, wankin banɗaki da cire ciyawa aikin makaranta ne. An rubuta jadawalinsa an manna a ƙofar kowane ɗaki, kuma 'yan aji shida ma suna ciki. Amma ɗiban ruwan wani, wankinsa, gugarsa, ɗauko masa abinci daga ɗakin cin abinci ko yi masa fifita, wannan bauta ce, mun hana, ko da ƙaramin ya ce shi ya ga dama. Yaron da ke jin tsoro ai ba zai ce bai ga dama ba. Haka nan babu ɗalibin da ke da ikon hukunta ɗalibi. Firifet zai rubuta sunan mai laifi a littafi ya kai wa malamin gida, shi ke nan. Bel, wayar wuta, durƙuso a kan tsakuwa, duk wanda ya yi amfani da su za a karɓe muƙaminsa a ranar, a kira iyayensa. In ya maimaita, zai koma gida. Dokar kare haƙƙin yara ta ƙasa ta 2003 ma ta haramta azabtar da yaro da wulaƙanta shi.

Yanzu malami na kwana a kowane gida, yana zagayawa a lokutan da ba a sani ba, domin in aka san lokacin, sai a jira ya wuce. An ware wa 'yan aji ɗaya ɗakinsu daban. Mun kuma gano cewa ƙarancin ruwa na rura wutar abin: in famfo ɗaya ne ke zuba da safe, mai ƙarfi zai tura marar ƙarfi layi. Don haka ana tayar da injin burtsatse da yamma a cika tankuna, kowane aji da lokacinsa.

Inda muka fi yin hattara shi ne wajen karɓar ƙara. A baya akan tara yara a fili a ce wa ƙaramin ya nuna wanda ya dake shi. Da dare sai a kira shi munafuki, a ninka masa, daga nan ba wanda zai sake buɗe baki. Yanzu ba ma bayyana sunan wanda ya kawo magana, kuma babban ake sauya wa ɗaki, ba ƙaramin ba. Bayan mako guda malamin gida zai sake kiran yaron shi kaɗai ya ji ko an rama.

Ku kuma, ranar ziyara, kada ku tsaya a "lafiya lau", don haka duk suke cewa. Ku dubi tafin hannunsa da gwiwoyinsa. Ku buɗe akwati: garin kwaki, sukari da madarar da ya kamata su kai wata guda, in sun ƙare a mako, ku tambaya a hankali wa ya ci. Ku tambaye shi ƙarfe nawa yake tashi, kayan mutum nawa yake wankewa. Abin da kuka ji ku kawo ofishina kai tsaye. Don Allah kada ku je ku tari siniyan da kanku, domin bayan tafiyarku ɗanku ne zai kwana da shi.

Iyayen manyan ɗalibai, ku ma ku zauna da naku kafin taron iyaye da malamai na ƙarshen wata, inda za mu raba jadawalin aikin kowane ɗaki.

Wassalam,
Shugaban Makaranta