Kuɗin da suka shigo wa Hajiya daga hannun jari

Assalamu alaikum ƴan uwa. Hajiya ta tambaye ni a kasuwar Wunti kan alat ɗin da ta gani an rubuta "dividend". Ribar hannun jari ce, Hajiya: kason da kamfani ya raba wa masu hannun jari daga ribarsa. Jarinki yana nan, ba a taɓa shi ba.

A ce kina da hannun jari 10,000, kamfani ya ware naira 2 ga kowane ɗaya. Naira 20,000 ke nan, amma 18,000 za ki gani, domin ana cire harajin kashi 10 cikin ɗari tun kafin a turo. Ba wanda ya cuce ki.

Sai dai don Allah kada ki ɗora lissafin baɗi a kansu. In kamfani bai ci riba ba, ko ya zaɓi mayar da ita cikin harka, babu rabo.