Minti 54 da jikata ta yi babu iskar oksijin a ɗakin yara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in bayyana abin da na gani da idona a wani asibitin gwamnati, a daren da na kwana jinyar jikata mai wata goma sha ɗaya da ke fama da ciwon nimoniya. Na yi aikin jinya shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, kuma al'adar aikin ce ta sa duk abin da ya faru a daren nan sai na duba agogon wayata na rubuta a bayan takardar magani. Ba zan ambaci sunan asibitin ko na wani ma'aikaci ba, domin ba tozarta kowa ya kawo ni ba, kuma nas ɗin da ke bakin aiki ta yi iyakar ƙoƙarinta da abin da ta samu a hannu.

Da muka kai yarinyar da yamma, na'urar da ake maƙalawa a yatsa don awon iskar jini ta nuna 84. Yaro mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama, kuma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a sa wa yaro oksijin da zarar awon ya yi ƙasa da 90. Aka saka mata siririyar roba a hanci, ana ba ta lita 1 a minti, kafin isha ta hau 95 ta samu barci. Yara biyar ne ke kan iska a ɗakin, dukansu kuma daga na'urori biyu masu tace oksijin daga iskar ɗaki, waɗanda ma'aikata ke kira konsantireta. Wannan na'ura ba ta ajiye iska ko kaɗan a cikinta don gaba, tana tacewa ne tana bayarwa nan take, saboda haka da wuta ta yanke iskar ma ta yanke.

Ƙarfe 1:40 na dare aka ɗauke wuta. Na'urorin biyu suka yi ƙara suka tsaya, ɗaki ya yi duhu ƙirin, sai hasken tocilan waya. Wata uwa ta ciro kyandir daga jakarta za ta kunna, nas ta hana ta da sauri, kuma ta yi daidai, domin oksijin ko da ba ya kamawa da kansa yana sa wuta ta ci da ƙarfin da ba a saba gani ba. Kowa ya zauna yana jiran jin tashin janareta, amma shiru. Babu na'urar da ke tayar da shi da kansa, sai an je an taso mai kula da shi. An same shi 1:55, ya murɗa makulli, injin ya ƙi ko motsi saboda batirin ya mutu. Mai yana nan a tanki, kamar yadda ya yi ta rantsuwa daga baya.

A kusurwar ɗakin akwai ƙaramar tukunyar iska guda ɗaya, wadda ita ce aka ajiye don irin wannan rana. Ba a buɗe ta ba sai 1:52, minti goma sha biyu bayan yankewar wuta, domin sifanar da ake buɗe bakinta da ita ba ta rataye a jikinta, sai da aka zazzage aljihun tebur biyu kafin a gano ta. Da aka buɗe, allurar gejin da ke nuna yawan iskar da ta rage ta tsaya a wajen kashi ɗaya cikin huɗu.

A nan nake so masu karatu su bi ni a hankali, domin lissafin ba shi da wuya kuma shi ne ke nuna ko tanadi na gaske ne ko na suna. Irin wannan ƙaramar tukunya idan ta cika tana ɗaukar kimanin lita 680. Kashi ɗaya cikin huɗu ke nan lita 170. Yaran nan biyar, idan aka haɗa abin da ake ba kowannensu, suna shan kusan lita 7 a minti, wato da za a iya raba musu duka, da tukunyar ta ƙare cikin minti 24. Amma ko raba musu ma ba zai yiwu ba, domin regileta, wato na'urar da ke daidaita fitar iska, ɗaya ce a kanta mai baki ɗaya. Nas ta duba su ɗaya bayan ɗaya da na'urar awo guda da ɗakin ke da ita, ta zaɓi biyun da suka fi galabaita, wani jariri da wani yaro ɗan shekara biyu, ta haɗa musu roba mai reshe biyu a kan lita 3 a minti. Wannan ya ba su kusan minti 55. Sauran ukun, har da jikata, aka bar su suna shaƙar iskar ɗaki. Da ni ce a matsayinta, haka zan zaɓa, ko da yake zuciyata ba ta so ba.

Na ɗaga yarinyar na jingina ta a ƙirjina don numfashi ya yi mata sauƙi. Ƙarfe 1:48 ta nuna 89, da aka sake zagayowa kanta 2:05 ta nuna 85. Ba sai da na'ura ba ma, jikinta ya nuna. Ƙasan haƙarƙarinta yana lotsawa ciki duk lokacin da ta ja numfashi, ƙofofin hancinta suna buɗewa, kanta yana gyaɗawa da kowane ja, ta ƙi karɓar nono daga uwarta. Littattafai sukan ce a duba ko fata ta yi shuɗi, amma a fatarmu wannan ba ya bayyana da wuri, sai dai a haska harshe da cikin leɓe, kuma kafin su sauya launi an riga an yi nisa. Na ƙidaya numfashinta da agogo na samu 68 a minti, alhali a shekarunta daga 50 ake cewa ya yi sauri.

Akwai manyan tukwane a sito, irin masu tsayin mutum da ke ɗaukar kusan lita 6,800, amma makullin siton yana hannun wanda ya tashi aiki tun yamma. Sai da aka kira shi a waya ya faɗi inda ya ajiye na biyu. Masinja da mahaifin wani yaro suka gangaro da tukunya ɗaya, ta iso ɗakin 2:15. Muka yi hamdala, sai kuma ga wata matsalar: regiletar da aka samo irin ta ƙaramar tukunya ce mai shiga da ƙusoshi biyu, bakin babbar kuwa na murɗawa ne, ba sa haɗuwa ko ta yaya. Aka sake aikawa ɗakin tiyata aro, aka kawo wadda ta dace 2:31. Da aka ɗaura sai muka ji iska tana huci ta gefe saboda zoben robar da ke toshe mahaɗin ya tsufa. Wani ya ce a shafa man girki ko man inji don ya kama, na ce kul, domin mai ko maiƙo idan ya haɗu da oksijin mai matsi yana iya tayar da gobara nan take. Aka kwance aka gyara zaman zoben aka sake ɗaurewa, hucin ya ragu. Ƙarfe 2:34 iska ta koma hancin jikata. Awon ƙarshe kafin nan ya nuna 81.

Ƙaramar tukunyar ta kusa ƙarewa wajen 2:45, aka mayar da yaran biyu kan babbar. A 'yan mintocin sauyin nan jaririn ya saki jiki, numfashinsa ya tsaitsaya, sai da nas ta yi ta matsa masa iska da jakar hannu har likitan da ke kan kira ya iso daga sashen gaggawa. Janareta ya tashi 2:50 bayan an ciro batirin motar ɗaukar marasa lafiya an ɗaura masa. Ko a nan ma nas ba ta yi gaggawar cire yaran daga tukunya ba, domin konsantireta tana bukatar 'yan mintoci bayan kunnawa kafin iskar da take bayarwa ta kai ingancinta na sama da kashi 90 cikin ɗari. Wutar gari ba ta dawo ba sai 5:20.

Jikata ta koma 94 kafin ƙarfe uku da rabi, amma ta wuni washegari a galabaice ba ta iya tsotso, har sai da aka saka mata robar abinci ta hanci. Allah cikin ikonSa an sallame mu bayan kwana biyar. Jaririn kuwa da safe aka tura shi babban asibiti, na ga uwarsa ta fita da shi a rungume tana kuka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na tarar da safe. Na roƙi a nuna min bayanin daren a fayil ɗin yarinyar, sai na ga layi ɗaya kawai da ke cewa an samu matsalar wuta. Babu lokacin da iska ta yanke, babu lokacin da ta dawo, babu awon 81, babu batun batir ko sifana ko regileta. Likitan safe da ya zo zagaye ya ga yarinya ta koma baya, har ya fara tunanin sauya mata allurar kashe ƙwayoyin cuta, sai da na miƙa masa takardata ya fahimci dalili. Shugabannin asibitin kuma, idan da wannan layin kaɗai za su yi aiki, za su ɗauka cewa laifin na masu wuta ne kurum, alhali ɗauke wuta abu ne da kowa ya san zai faru. Mutanen Arewa ba su manta watan Oktoban 2024 ba, lokacin da jihohi da dama suka shafe kwanaki a duhu bayan lalacewar manyan layukan lantarki. Asibitin nan yana da janareta da mai, yana da tukwane cike da iska, amma duk da haka yara uku suka yi minti 54 babu oksijin saboda ƙananan abubuwan da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Roƙona ga ma'aikatun lafiya na jihohi da hukumomin kula da asibitoci shi ne su wajabta rubuta rahoto a duk lokacin da iska ta yanke a ɗakin majinyata, ko da ba a rasa rai ba, a bayyana minti nawa aka yi, da me aka yi amfani, me ya ƙi aiki, da awon kowane majinyaci kafin yankewar da lokacinta da bayanta. Kada rahoton ya zama igiyar ɗaure nas, domin idan ma'aikaci ya san takardar za ta ja masa horo, to layi ɗaya zai ci gaba da rubutawa. Sannan a duk miƙa aiki tsakanin masu yamma da masu dare, a buɗe tukunyar ajiya a karanta geji, a raba litar da ta rage da litar da yaran ɗakin ke sha a minti, a rubuta amsar a allo inda kowa zai gani. A ɗaure sifana da sarƙa a wuyan tukunya, babbar tukunya ɗaya ta kwana a cikin ɗakin da regiletarta a ɗaure an gwada ta, a kuma riƙa tayar da janareta kowane mako don a san halin batirinsa.

A watan Mayun 2023 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri kan wadata asibitoci da oksijin, kuma tun bayan annobar korona an kakkafa injinan samar da iska a asibitoci da dama a ƙasar nan. Ina fatan waɗanda suka sa hannu a sayen manyan injina za su ware wani abu don batir da zoben roba, su kuma tambayi kowane asibiti sau nawa iska ta yanke a watan da ya wuce da minti nawa. Takardar da na rubuta lokutan nan tana hannuna, kuma na kai kwafinta ofishin shugaban asibitin.

Wassalam,
Ma'aikaciyar jinya mai ritaya